Ɗan Waƙar Manu

A Matameye in ka ce Madam Yunus, kowa ya san malamar Faransanci kake nufi, doguwar nan mai ɗinkin atamfa da ba ta taɓa makara a lakwal, wato makarantar boko. Ni kuwa Sadiyya nake ce mata, don taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma na san ta tun tana kuka in an aike ta bayan gida ita kaɗai. Mace ce mai tsoro, wannan ko a gabanta zan faɗa. Tana tsoron kare, tana tsoron kabu-kabu, in hadari ya haɗo ita ce ta farko a ɗaki. Amma babu abin da take tsoro a duniya kamar bakin makaɗi, kuma a nan ban taɓa yi mata dariya ba, don na san mafarin abin.

Ubanta, Kawu Manu, manomi ne kamar kowa, bai fi wani ba, ba a fi shi ba. Wata damina, muna ƴan mata ƙanana, ciwo ya kwantar da matarsa, ya kai ta asibitin Damagaram ya zauna jinya. Kafin ya dawo da gawarta, ciyawa ta rufe gonarsa har ba a ganin gero. Gonar kuwa a bakin hanya take. Shekara, mai gangar noma na Tsauni, ya wuce ta nan za shi gayya, ya tambayi sunan mai ita, aka gaya masa, bai tambayi dalili ba. A lokacin yana da wata waƙa da ya yi wa Hashimu Sarkin Noma, waƙar da ake ji a kowace gayya. Waƙar noma kuwa haka take, a yabi gwarzo, a zambaci rago, don samari su ji kunya su duƙa. Sai Shekara ya ƙara wa waƙarsa ɗa guda:

*Manu magajin kwana,*
*Bar wa ciyawa gona.*

Shi ke nan. Kafin kaka babu mai ce masa Manu, sai Magajin Kwana. Yara su bi shi da tafi, manya su yi kamar ba su ji ba alhali suna murmushi. Ya daina zama a kasuwa, ya koma sallar asuba a sahun baya. Ranar da ya rasu na ji wani a wurin zaman makoki yana tambaya, wane Manu, aka ce masa Magajin Kwana, sannan ya gane. Sadiyya kuwa an riga an kai ta Damagaram wurin ƙanwar uwarta, can ta yi karatu, can ta yi aure, ta dawo garinmu da sunan mijinta. Sababbin mutane ba su haɗa ta da Manu ba, ita ma ba ta tuna wa kowa ba.

To, shekarun baya kaɗan aka shirya gasar al'adu ta makarantu a gidan matasa, za a yi baƙi malamai daga ƙasashen bakin teku da ba sa jin Hausa. Sharaɗin gasar shi ne kowace makaranta ta ɗauki waƙar gargajiya ta yankinta, yara su rera ta da Faransanci, amma da kiɗanta na asali, ba a canza kari ba. Direktan su Sadiyya, wato shugaban lakwal ɗinsu, Mushe Attaher kamar yadda ake kiran malamai maza da Faransanci, baƙo ne daga garin Tawa, mutumin kirki mai son a yaba masa. Ya tambaya wace waƙa ce tsofaffi suka fi tunawa, aka ce ta Hashimu. Ya je Tsauni da kansa ya roƙi Shekara, ya dawo yana murna, ya kira Sadiyya ya ɗora mata aikin, don ita ce ke koya wa yara waƙoƙi.

Ta zo gidana da yamma ta gaya mini.

Na ce, "Ki ce ba za ki yi ba mana."

Ta ce, "In ce don me? In na faɗi dalili, kafin sati duk lakwal sun sani. Kin san yara. In juya ina rubutu a allo, wani ya buga mini karin a kan tebur, daga ranar na gama koyarwa a garin nan."

Gaskiya ta faɗa. Malami ba shi da jari sai kwarjininsa, in ya zube ba ya kwasuwa.

Shekara ya fara zuwa lakwal ranakun da babu karatu da yamma. Ya tsufa, idanunsa sun yi hazo, da ƙyar yake gane fuska, amma kunnensa yana nan kamar na zomo. Na bi Sadiyya ranar farko don ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ita kaɗai ba. Ya zauna a gindin bishiyar bedi da gangarsa a cinya, ya kafa mata sharuɗa. Duk ɗan da ta juya sai ta rera shi a kan gangarsa, sannan ta mayar masa da ma'anarsa da Hausa. Kuma ba za a zubar da ɗa ko guda ba.

Ya ce, "Madam, ni ban san yaren Nasara ba, amma ganga ba ta ƙarya. In maganarki ta yi tuntuɓe zan ji. Wanda ya ɓata mini waƙa kuwa, ba na kai shi ƙara wurin kowa, a cikinta nake sa shi."

Ya faɗa yana dariya, yara ma suka yi dariya. Sadiyya ba ta yi ba.

Aikin da na zaci na kwana biyu ne ashe ba haka ba. Ni da nake ganin in ka san harshe biyu ka gama, sai na ga ashe waƙa kamar takalmi take, komai kyan ƙafa in ba ta shiga ba, ba ta shiga ba. Amshin waƙar ga shi:

*Hashimu giwar gona,*
*Tashi ka tarbo rana.*

Sadiyya ta nuna mini a tsakar gidana, tana buga bayan ƙwarya. Kowane layi gaɓa bakwai ne, amma ba ƙirga kaɗai ba ne. Ta farko doguwa ce, biyu na bin ta gajeru, huɗun ƙarshe dogaye: dan da-da, dan dan, dan dan. Gulan ganga, sandan da ake kaɗa ta da shi, yana sauka sau uku, a ta farko, a ta huɗu, a ta shida, kuma a nan ne hauyar manomi ke sara ƙasa. Ƙarshen layi kuwa ana jan sa, *naa*, baki a buɗe, har ƴan amshi su sha iska. Ta ce matsalar Faransanci ita ce ba shi da doguwa da gajeruwa irin namu, gaɓoɓinsa kusan kai ɗaya suke, nauyinsu a ƙarshen magana yake. Don haka sai ta nemi kalmomin da za su jure ja inda ake ja, su yi sauri inda ake sauri.

Da ta juya layin farko kai tsaye, giwa ta ƙi shiga. Sunanta da Faransanci gaɓa uku ne, wurin kuwa na biyu ne, layin ya zama takwas. Ta gwada cusa ta da sauri a gaban Shekara, bai bari ta kai ƙarshe ba ya ɗaga gula.

Ya ce, "Kin ɗora wa jakina kayan raƙumi. Sake."

Ta saki giwa ta ɗauki *géant*, wato ƙato, gaɓa biyu cif. Sai wata ta taso: gulan na uku ya faɗa kan wata ƴar kalma marar nauyi, irin "na" ko "ta" ɗinmu. Shekara ya ce ya ji kamar ya taka matakalar da babu ita. Ta kwana biyu a kan wannan, daga ƙarshe ta cire gona daga layin farko ta kai ta na biyu, ta cike gurbin da kalmar da ke nufin gwarzo. Don amsa-amo kuma ta bi kalmomin da ke ƙarewa da *an*, wanda ake iya ja baki buɗe, kusa da *naa* ɗinmu. Ya zama haka:

*Hachimou, géant vaillant,*
*Lève-toi, ton champ t'attend.*

Akwai wani ɗan wasali a Faransanci da ba a furta shi a magana amma ana iya raya shi a waƙa, shi ta raya a *lè-ve-toi*, ya zauna daidai cikin gajeren gurbi. Ranar da ta rera wannan, ganga ba ta tsaya ba. Shekara ya ce ta mayar masa. Ta ce, "Hashimu ƙato gwarzo, tashi gonarka na jiran ka."

Ya ce, "Ina giwata? Ina rana?"

Ta ce, "Baba, ba su samu wuri ba. In na sa su, kari ya karye."

Ya ajiye gula. Sannan ya ce rana ba ta ɓata, duk wanda ya ɗaga kai zai gan ta, a bar ta. Haka suka bi ɗiyan waƙar ɗaya bayan ɗaya, nan a bar hauya a ɗauki hannu, can a bar sunan ƙauye a ɗauki rumbu. Ta gane cewa tsohon yana yafe kalma, kari ne ba ya yafewa. Zambon kuwa ya ce kada a taɓa shi, waƙar noma ba zambo miya ce ba gishiri.

Ta bar ɗan Manu sai ƙarshe. Abin da ya fi ba ta tsoro, ta gaya mini, shi ne da ta zauna masa bai wahalar da ita ba ko kaɗan. Kamar yana jiran ta, ya faɗo da ƙirgarsa da amsa-amonsa:

*Manou le grand fainéant,*
*L'herbe a mangé tout son champ.*

Manu babban rago, ciyawa ta cinye gonarsa. Duk waƙar babu ɗan da ya zauna da kyau kamarsa. Ta rera mini sau ɗaya a hankali.

Ta ce, "Da bakina zan koya wa yara su zagi Baba, a gaban baƙi, da harshen da ya sayar da akuyarsa don in koya?"

Washegari ta zo da wani:

*Manou veillait en priant*
*Près de sa femme, loin du champ.*

Manu yana jinya yana addu'a, kusa da matarsa, nesa da gona. Gaɓa bakwai bakwai, gula na sauka inda ya kamata, amsa-amo bai motsa ba. Na ce mata wannan wasa da wuta ne. Ta ce ta sani.

Ta rera shi a kan ganga, Shekara ya gyaɗa kai, ya ce ta mayar. Ina tsaye na ji ta ce, "Manu babban rago, ciyawa ta cinye gonarsa." Ya ce madalla. Yaran kuwa ai suna jin Faransanci, suka dubi juna. Bayan ya tafi ta rufe ƙofar aji ta gaya musu ko wane ne Manu, ta roƙe su su riƙe mata. Yara goma sha wani abu, kowa da bakinsa da uwarsa a gida. Daga ranar Sadiyya ta daina cin abincin kirki. In an yi sallama a ƙofar gidanta sai ta zabura. In ta hangi tsoho da sanda a hanyar kasuwa sai ta canza lungu. Na ce mata in ta ci gaba haka kafin gasa sai mu ɗaura mata zane da igiya, ko murmushi ba ta yi ba. Yaran dai, Allah ya yi musu albarka, ba wanda ya fasa.

Ranar gasa da hantsi gidan matasa ya cika. An kafa rumfa a dama, baƙi da malamai da manyan gari a kan kujeru. A hagu mutanen gari ne tsaye a rana, tsofaffin manoma da yawa, don an ji Shekara zai buga ta Hashimu. Ina cikinsu. Sadiyya tana gefen dandali, ta riƙe gyalenta da hannu biyu.

Aka fara, kuma wallahi abin ya yi kyau. Yara na rera Faransanci, tsofaffin da ke kusa da ni suna bin su da Hausa a ƙasan murya, ba wanda ya taka wani. A nan ne na ga abin da ni da ita duk ba mu lissafa ba. Ta yi ta fama kada kari ya motsa, ga shi bai motsa ba, saboda haka duk wanda ya san waƙar yana jin Hausarta a bakin ganga, ko me yaran ke faɗa.

Aka iso ɗan Manu. Ganga ta ce Manu magajin kwana, sarai kamar mutum ya faɗa. Hagu ta fashe da dariya, wani tsoho a bayana har da tafi. Dama kuwa, inda masu jin Faransanci suke, tsit. Wata baƙuwa ma ta dafa ƙirji ta sunkuyar da kai.

Shekara bai ga wannan ba, amma ya ji. Mutum ne da ya shekara arba'in yana sanin inda dariya ke fitowa. Ya sake zagayo ɗan, ya karkata kunne wajen rumfa. Yara suka maimaita, rumfa ba ta motsa ba. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar ganga.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Yaran suka tsaya baki buɗe. Mushe Attaher ya miƙe rabi ya koma ya zauna.

Shekara ya ce, ba da ƙarfi ba, amma makirfo na gabansa, "Madam Yunus, matso." Ta matso kamar mai tafiya cikin ruwa. Ya ce, "Na yi zambo, masu jin yaren ba su yi dariya ba. Ko gishirina ya lalace, ko ba shi kika zuba ba. Mi yaran nan ke cewa?"

Na ce a raina ta ƙare. Tana iya cewa baƙi ba su san wasanmu ba, da wataƙila ya wuce. Ba ta ce ba. Ta ce, "Suna cewa Manu yana jinyar matarsa yana addu'a, shi ya sa ba ya gona."

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ni na gani, Baba. Uwata ce ke kwance. Ni ɗiyar Manu ce."

Hagu ta ɗauki guna-guni, na ji ana ɗiyar Magajin Kwana ce ashe. Abin da ta yi shekara da shekaru tana gudu ya same ta a tsakiyar fili, a gaban ɗalibanta. Shekara ya daɗe yana shafa fatar ganga. Ya ce, "Matar ta tashi?" Ta ce a'a. Ya ce, "Shi fa?" Ta ce ya rasu.

Ya ce, "Kin yi mini ƙarya a kan gangata. Na kuwa gaya miki abin da nike wa wanda ya taɓa mini waƙa."

Ya ɗaga gula. Na rufe ido, don ban iya kallon ta ba. Ganga ta tashi a kan karin nan dai, dan da-da, dan dan, dan dan, sai tsohuwar muryarsa ta hau kai, da Hausa:

*Manu, mu yafi juna,*
*Ƴarka ta nome gona.*

Ya maimaita, ya juya wajen hagu ya daka musu tsawa su amsa. Suka amsa, har da tsohon da ya yi tafi. Sannan ya juya wajen yara ya ba su hanya da gula, suka shiga da Faransancinsu suka kai waƙar ƙarshe. Sadiyya tana tsaye inda ya bar ta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Kada a ce Shekara ya zama waliyyi. Da aka tashi ya ce mata ya karɓe waƙarsa, ba za a sake rera ta da yaren Nasara ba, tunda ya ga ana iya yi masa sata a ciki yana zaune. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta ce ba. Gasar kuma ba su ci ba, alƙalai suka ce an tsaya a tsakiya, Mushe Attaher ya yi sati yana kumbure-kumbure. Amma daminar da ta biyo, mijina ya je gayya wajen Dawce, ya dawo ya ce Shekara ya buga ta Hashimu, da ya iso wurin Manu, sabon ɗan ya rera, tsohon ɗan bai fito ba.

Sadiyya tana nan tana koyarwa, tana nan tana tsoron kare. Ranar Litinin da ta biyo bayan gasar ta shiga aji, ta juya tana rubutu a allo, sai kuwa ta ji wani yana buga karin a kan tebur, a hankali. Ba ta juyo ba, ta tsaya tana jiran ta ji wanne ɗa za su sa a kai. Daga bayan aji wata murya ta ɗauka, sauran suka bi da sabon ɗan, suna kiran ubanta da sunansa.